Me ya sa injin zana hoto ke ɓata rubutun allon shago?

Mai sayar da man gyaɗa a wajen babbar kasuwar Maraɗi yana son hoton talla da zai ɗora a WhatsApp, wataƙila kuma ya kai a buga masa babba ya rataya a ƙofa. Yaron da ke masa aikin waya ya buɗe manhajar ƙirƙirar hoto, ya bayyana abin da ake so: rumfa, jarkoki cike da mai, tiren ƙuli-ƙuli, da allo a sama mai ɗauke da MAN GYAƊA DA ƘULI-ƘULI. Hoto ya fito gwanin sha'awa. Hasken rana na sheƙi a jikin jarkokin, har tsatsar kwanon rufi an fitar. Sai ido ya kai kan allo: MAN GYADDA DA KUIL-KULLI, sannan a ƙasa wani layi da babu wanda ya nema, haruffansa ba boko ba, ba ajami ba.

Wanda ya ga haka karon farko yakan ɗauka kuskuren rubuta umarni ne, sai ya gyara ya sake aikawa, ya sake, har kuɗin intanet ɗinsa su ƙare. Matsalar ta fi nan zurfi. Injin ba rubutu yake yi ba, zanen kamannin rubutu yake yi. A kwamfuta, idan ka danna K, akwai lamba ɗaya tak da ke wakiltarsa, akwai kuma fayil ɗin salon haruffa da ke ɗauke da siffarsa, don haka ba ya taɓa fitowa da ƙafa uku. Injin hoto ba ya da wannan. Yana farawa ne daga hoto mai cike da ɗige-ɗige marasa ma'ana, irin na talabijin da ta rasa tasha, yana share su kaɗan-kaɗan, sau ashirin zuwa hamsin, har wani abu da ya yi kama da bayaninka ya bayyana. Yadda yake fitar da ganyen dalbejiya haka yake fitar da harafi. Bambancin yana wajen mai kallo: bishiya mai ganye dubu da ɗaya ba ta bambanta da mai ganye dubu ba, amma KULI da KUIL ko ɗan aji biyu zai gane ba ɗaya ba ne.

Kafin rubutun allon nan ya iso kan hoto, yana ratsa ƙofofi uku, kowace kuma tana rage masa wani abu. Alƙaluman da za a kawo nan na dangin injunan hoto na Stable Diffusion ne da FLUX, domin su ne gininsu ke buɗe kowa na iya dubawa.

Ƙofar farko ita ce wurin karanta umarni. Injin ba ya karanta harafi-harafi. Akwai wani sashe da ke datsa jimla gutsure-gutsure, ya mayar da kowane gutsure lamba. Kalmar da ta yi yawa a rubutun da aka horar da shi, kamar `pharmacie` ko `market`, takan wuce da gutsure ɗaya ko kaɗan, kuma injin ya sha ganin ta a rubuce a jikin gine-gine, ya san kamanninta dunƙule. Abin da bai sani ba shi ne jerin haruffan da ke cikinta, sai dai abin da ya tsinta ta gefe. Kamar mutumin da bai yi lakwal ba amma ya san tambarin kamfanin waya daga nesa: zai gane shi, zai ma iya kwatanta shi da alli, amma ka ce ya faɗi harafi na huɗu sai ya yi shiru. Daga nan ake samun harafin da aka ninka, ko wanda aka tsallake, ko biyu da suka sauya wuri. Masu bincike na Google sun gwada wannan a ƙarshen 2022, suka nuna cewa idan aka haɗa injin da makaranci mai ganin rubutu harafi-harafi, wato ByT5, rubutun cikin hoto yana gyaruwa sosai.

A nan ne haruffanmu masu lanƙwasa ke shan wahala fiye da sauran. Stable Diffusion na farko, wanda aka saki a watan Agusta na 2022, yana amfani da makaranci mai suna CLIP. Shi CLIP gutsure 77 kawai yake ɗauka, abin da ya haura haka yakan faɗi ƙasa, kuma yana mayar da duk manyan baƙaƙe ƙanana kafin ya fara. Harafin ƙ kuwa a ma'ajiyar kwamfuta ba gurbi ɗaya yake ci ba kamar k, gurbi biyu ne:

```
k  U+006B  6B
ƙ  U+0199  C6 99
ɗ  U+0257  C9 97
ɓ  U+0253  C9 93
```

Babu abin da ke cikin waɗannan lambobi da zai gaya wa injin cewa ƙ ɗan'uwan k ne mai ƙugiya a ka. Sababbin injuna, irin Stable Diffusion 3 da FLUX na 2024, sun ƙara wani makaranci babba mai suna T5, shi ya sa suke iya rubuta gajeriyar jimlar Turanci daidai. To amma ƙamusun gutsuren T5 an gina shi ne daga rubutun Turanci da Faransanci da Jamusanci da Romaniyanci, kuma harafin da ba ya ciki yakan koma alamar `<unk>`, ma'ana ba a san shi ba. Ka ga kenan tun kafin a fara zane, an riga an jefar da harafin mai ƙugiya. Wannan ne dalilin da allo mai BOUTIQUE ke fitowa tsaf a injin da ya kasa ƊINKI, alhali na biyun ya fi gajarta.

Ƙofa ta biyu ba ta buƙatar dogon bayani. Injin ya koyi zane ne daga hotunan intanet da ɗan bayanin da ke maƙale da kowanne. Tarin LAION-5B ya haura hotuna biliyan biyar, kuma ɓangarensa na Turanci aka fi dogara da shi wajen horar da Stable Diffusion na farko. Bayanin da ke jikin hoto yakan ce "titin kasuwa da yamma", ba ya kawo abin da aka rubuta a allunan titin. Sai injin ya koyi cewa kasuwa wuri ne mai alluna, alluna kuma suna da zane-zane masu kama da haruffa, ba tare da ya haɗa su da wata kalma ba. Asalin layin nan na ƙasa da ba a nema ba kenan. Kuma mu faɗi gaskiya, ko a titunan Maraɗi alluna nawa ne aka rubuta da ƙ da ɗ? Yawanci Faransanci ne, na Hausar ma mai fenti yakan sa K da D ya wuce, sunan garin kansa Maradi ake rubuta shi a taswira. Injin da ya ba ka GYADA bai ƙirƙiri laifin ba, a wurinmu ya gani.

Ƙofa ta uku ita ce wadda mutane suka fi jahilta, kuma ita ce mai amfani da manhaja ke da iko a kanta. Injin ba ya aiki a kan cikakken hoton. Don rage nauyin lissafi, yana zane a kan ƙaramin allo da aka matse sau takwas a faɗi, sau takwas a tsawo, sai a ƙarshe wani sashe mai suna VAE ya buɗe shi ya koma girmansa. Fiksel su ne ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto, kuma hoto mai fiksel 1024 a kowane gefe, a ciki gida 128 ne a kowane gefe. Kowane gida yana tsaye a madadin fiksel takwas sau takwas.

Mu auna allon mai man gyaɗa da wannan. Rubutunsa, idan aka haɗa da tazarar tsakanin kalmomi da karan da ke tsakiyar ƘULI-ƘULI, gurbi 22 ne. A hoton farko an nuna rumfa gaba ɗaya da mutane da titi, allon bai wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗin hoton ba, wato fiksel 340 ko kusa. Raba 340 gida 22, kowane harafi ya samu fiksel 15. Raba 15 da takwas, bai kai gida biyu ba. A cikin gida biyu ake so a fitar da M mai sanduna huɗu, a bambanta G da C, a kuma ɗora ƙugiyar Ƙ wadda ita kanta ba ta kai rabin gida ɗaya ba. Kamar a ba mai ɗinkin hula zare mai kaurin igiyar guga a ce ya yi sunan mutum a bakin aljihu. Gidan yana iya riƙe bayani fiye da launi ɗaya, gaskiya ne: tsofaffin injunan suna ajiye lamba 4 a kowane gida, sababbin sun kai 16, shi ya sa ƙananan haruffansu suka fi tsabta. Amma iyakar tana nan.

Da wannan za ka iya gane inda aka samu matsala daga kallon hoton kawai, ba sai ka yi ta canke ba. Idan haruffa sun fito da kaifi, kowanne harafi ne na gaske, amma jerinsu ya rikice ko an ninka wani, matsalar karatu ce, ƙara girman hoto ba zai warkar da ita ba. Idan haruffan sun narke, gefensu ya yi laushi kamar an rubuta da man shanu a rana, wasu sun manne da juna, to wuri ne ya yi musu kaɗan. Idan kuwa komai daidai ne sai Ƙ da ya koma K, ko ya zama wani abu mai kama da R, harafin ne bai isa wurin injin ba. Kowace cuta da maganinta.

Ta ƙarancin wuri ita ce mafi sauƙi. A matso da kyamara, a ce allon ya cika faɗin hoton, ya fuskanci mai kallo kai tsaye ba a karkace ba, a kuma raba rubutun layi biyu. MAN GYAƊA DA gurbi 12 ne. Idan allon ya samu fiksel 900, kowane harafi ya samu 75, wato gida tara, inda ɗazu bai kai biyu ba. A zaɓi haruffa masu kauri marasa ado, baƙi a kan fari ko fari a kan shuɗi mai duhu. Umarnin, wanda yawancin injunan suka fi ganewa da Turanci, yana iya zama kamar haka:

```
close-up of a shop sign, front view, filling the frame,
bold white capital letters on blue board,
text reads "MAN GYADA", no other text
```

A lura da abu uku. An sa rubutun cikin alamar zance don injin ya san wannan ne za a zana, ba bayani ba ne. An bar umarnin gajere, ba a bar dogon kwatancen jarkoki da hasken yamma ya cinye gurbin ba. An kuma rage shi zuwa kalma biyu. Kowace kalma da aka ƙara tana ƙara yiwuwar kuskure, kuma lissafin ba ya da tausayi: a ɗauka, don misali kawai, injin na samun kowane harafi daidai sau 95 cikin 100. Kalma mai harafi biyar za ta fito lafiya kusan sau 77 cikin 100, rubutu mai harafi ashirin kuwa sau 36 kacal. Don haka a fitar da hoto huɗu ko takwas a zaɓa. Idan an samu wanda ya kusa, kuma manhajar tana nuna lambar `seed`, a riƙe ta, domin da ita da saiti iri ɗaya hoton zai sake fitowa yadda yake, a riƙa canza abu ɗaya-ɗaya ana gani.

Wani zai ce ai sababbin manhajoji sun wuce wannan. Sun yi nisa ƙwarai. Ideogram da DALL-E 3 a 2023, sannan zanen hoton GPT-4o a watan Maris na 2025, sun kai inda jimlar Turanci ko Faransanci ke fitowa daidai a mafi yawan lokuta, wasu ma sukan fitar da ƙ da ɗ idan an yi sa'a. Sai dai ci gaban ya kawo nasa haɗarin. Da, rubutun banza ne kowa ya gani ya yi dariya. Yanzu yana fitowa da kyau har mutum ya amince bai karanta ba, kuskuren kuma harafi ɗaya ne a tsakiya. Ƙura da kura ƙugiya ce kawai tsakaninsu. Lambar waya ta fi muni: lambobin Nijar takwas ne, babu ƙamusun da zai taimaki injin ya san 6 ake nufi ko 8, kuma lamba ɗaya ta kauce, kiran abokin ciniki ya tafi wayar wani bawan Allah a Tasawa. Farashi ma haka, 500 F na iya zama 5000 F ba tare da ya yi wa ido wani iri ba. A ra'ayina, lambar waya da farashi ba abin da za a bar wa injin ba ne ko da wane iri ne.

Hanyar da ta fi inganci ga allon Hausa ita ce raba aikin biyu: injin ya zana rumfa, mutum ya yi rubutu. A nemi hoton da allonsa fanko ne, a rubuta `blank sign, no text` a umarni. Wani lokaci duk da haka sai ya cusa ƴan haruffa, sai a goge su. Daga nan a buɗe hoton a GIMP, wadda kyauta ce, ko wata manhajar gyaran hoto ta waya, a rubuta MAN GYAƊA DA ƘULI-ƘULI da salon haruffan da ke ɗauke da namu. Noto Sans da DejaVu Sans da Andika duk suna da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, manya da ƙanana. A duba manyan da kyau, domin akwai salon da ba ya da su: alamar haka ita ce ɗan akwati fanko a gurbin harafin, ko kuma Ɗ ya fito siriri a tsakiyar haruffa masu kauri saboda manhajar ta aro shi daga wani salon a ɓoye.

Rubutun da aka ɗora haka yakan yi kama da an liƙa shi, kuma dalilai biyu ne ke jawo hakan. Na ɗaya, allon cikin hoto ya ɗan karkata amma rubutun a miƙe yake. Kayan aikin `Perspective` na gyara wannan, a ja kusurwoyi huɗu na rubutun su bi kusurwoyin allon. Na biyu, launinsa ya yi tsabta fiye da duk abin da ke kewaye da shi. Idan rubutu mai duhu ne a kan allo mai haske, a mayar da yanayin shimfiɗarsa zuwa `Multiply` don tsagin katako da inuwa su ratso ta cikinsa, a rage ƙarfinsa zuwa kashi 85 ko 90, a ɗan dusashe gefensa da fiksel ɗaya. Ga tallar WhatsApp, wannan ya isa.

Mai kwamfuta da ke iya sarrafa Stable Diffusion da kansa yana da ƙarin mataki, idan yana so rubutun ya yi kama da na mai fenti, da alamar buroshi da ƙurar hunturu a jikinsa. Bayan ya ɗora rubutun daidai, sai ya mayar da hoton cikin `inpaint`, sashen da ke sake zana wurin da aka shafa kawai, ya shafa allon kaɗai, ya sa `denoising strength` tsakanin 0.2 da 0.35. Wannan lambar ita ce gwargwadon izinin da aka ba injin ya sake zana abin da ya tarar. A 0.3 zai taɓa fatar haruffan ya bar ƙashinsu. Da an haura 0.5 sai ya fara mayar da su abin da ya saba gani, kuma abin da ke fara tafiya shi ne ƙugiyar Ƙ, don a idonsa datti ne a kan K. A zaɓi `Only masked` idan manhajar na da shi: yana yanko wurin da aka shafa, ya faɗaɗa shi ya cika dukan gidajen aiki, ya zana, sannan ya mayar da shi gurbinsa, ta haka allon da ke da gida arba'in a faɗi ya samu ninkinsu. Akwai kuma ControlNet, wanda ya fito a 2023. Shi ana ba shi hoton rubutun ne baƙi da fari, injin ya zana allonsa yana bin layukan, ba ruwansa da ko ya san harafin. Ita ce hanyar da ta fi dacewa da ajami, inda haruffa ke haɗe da juna, suna tafiya daga dama, ɗigo ɗaya kuma na sauya harafi.

Saura maganar bugawa, inda da yawa ke asarar kuɗinsu. Hoto mai fiksel 1024 da aka shimfiɗa a allo mai faɗin mita biyu yana ba da fiksel biyar a kowace santimita. Jarkoki da rumfa za su jure haka idan daga nesa ake kallo, amma gefen haruffa zai fito kamar haƙoran zarto. Manhajojin ƙara girman hoto ba su da tabbas a nan, domin su ma zane suke yi, suna iya kaifafa harafin da ya lalace ya zama kuskure mai kyan gani. Abin yi shi ne a ƙara girman hoton tun allonsa na fanko, sannan a ɗora rubutun a manhajar da ke ajiye haruffa a matsayin layuka ba fiksel ba, kamar Inkscape ko CorelDRAW da masu buga alluna suka saba da ita. Kafin a kai fayil ɗin, a mayar da rubutun zane, `Object to Path` a Inkscape ko `Convert to Curves` a CorelDRAW, in ba haka ba kwamfutar mai bugawa da ba ta da salon haruffanka za ta musanya shi da nata, Ɗ da Ƙ su koma akwatuna bayan an riga an biya jika goma ko fiye. A nemi ya buga gwaji a takarda ƙarama tukuna, a ba wani da bai san abin da aka yi niyyar rubutawa ba ya karanta da ƙarfi, harafi-harafi, har da lambar wayar.